Faifai ya ƙi buɗewa, na'ura na ƙara: yadda ake gane mai laifi, da lokacin da ya kamata a haƙura

A gidaje da yawa akwai wata jaka ko wani akwati da faya-fayai suke kwance a ciki shekara goma ko fiye. Fina-finan Hausa na lokacin da ake sayar da su a kasuwa, karatun malamai, da bidiyon biki ko na saukar Alƙur'ani da mai kyamara ya buga wa 'yan gida kwafi ɗaya tak. Fina-finan dai ana iya samun da yawansu a intanet. Bidiyon biki kuwa, in wannan faifan ya tafi, ya tafi.

A ɗauki misalin wani matashi a Kano da yayarsa ta ba shi faifan bikinta na shekarar 2012, ta ce ya tura mata shi cikin waya. Ya ɗauko tsohuwar laftof mai tiren faifai a gefe, ya saka, ya tura tiren. Sai na'ura ta ɗauki gudu kamar janareta, ta sassauta, ta yi ƙas-ƙas sau uku, ta sake ɗaukar gudu. Bayan kusan minti ɗaya kwamfuta ta nuna masa cewa babu faifai a ciki. Abin da yawancin mutane ke yi a nan shi ne su fitar da faifan, su hura masa iska, su goga shi a jikin riga, su sake sakawa, har sau goma. Gogar rigar nan kaɗai tana ƙara wa faifai sabbin zane, alhali ba a ma san ko shi ne mai laifin ba.

Masu laifi biyu ne: faifai ko na'ura

Kafin a goge komai ko a kwance komai, akwai gwaji guda da ba ya cin ko kwabo. A saka wani faifai da aka san lafiyarsa ƙalau a cikin na'urar, sannan a kai faifan da ya ƙi buɗewa a gwada shi a wata na'ura dabam, ko ta maƙwabci ce. Idan na'urar ta ƙi kowane faifai, ita ce ba ta da lafiya. Idan ta karanta wasu ta ƙi wannan, shi ma kuma ya ƙi buɗewa a gidan maƙwabci, to matsalar tana jikin faifan.

Amma gwajin yana da wani sharaɗi da ake yawan mantawa: faifan gwajin ya zama irin wanda ake so a karanta. Na'urar DVD tana da fitilun leza biyu a cikin kanta. Ɗaya ta CD ce, mai haske da ido ba ya gani sosai, ɗayar kuma ta DVD ce, mai jan haske. Ɗaya na iya mutuwa ɗayar na aiki. Shi ya sa ake samun na'urar da ke kunna faifan karatu na CD sumul, amma in aka sa mata DVD sai ta yi kamar ba a sa komai ba. Haka kuma faifan da aka buga a kwamfuta, wato DVD-R mai bayan shunayya, ba ya mayar da haske da ƙarfi kamar faifan kamfani mai bayan azurfa. Leza da ta fara tsufa, ko ido da ya yi datti, faya-fayan shunayyar nan suke fara ƙi.

Matashin ya gwada CD, ta buɗe. Ya gwada wani DVD na kamfani, ya buɗe bayan jinkiri mai tsawo. Faifan bikin kuma a na'urar falon maƙwabcinsu ya kama, ya yi wasa fiye da awa ɗaya, sannan hoto ya fara tsinkewa ya tsaya cak. Wannan sakamakon ya nuna masa abu biyu a lokaci guda: na'urar laftof ɗinsa ta raunana, kuma faifan ma yana da rauni a wani wuri can wajen ƙarshensa.

Abin da ƙarar take faɗa

Ba kowace ƙara ce alamar lalacewa ba. Na'urar falo da ke nuna fim tana juya DVD a hankali, tsakanin zagaye ɗari shida zuwa dubu ɗaya da ɗari biyar a minti. Na'urar kwamfuta kuwa, idan tana kwafe bayanai, tana ninka wannan gudun sau da yawa. Manyan na kwamfutar tebur suna kaiwa kusan zagaye dubu tara zuwa goma. Don haka huci mai santsi irin na fanka, wanda ke tashi lokacin kwafi ya lafa bayan an gama, aikinta ne kawai.

Ƙarar da ke zuwa da girgiza, wadda har tebur ke amsawa, ita ce ta faifan da nauyinsa bai daidaita ba. Ko an manna masa takardar suna a gefe ɗaya, ko zafi ya lanƙwasa shi, ko kuma bai zauna daidai a mazauninsa ba. A laftof wannan na ƙarshen ya fi yawa: dole a danna tsakiyar faifan a kan ƙusar tiren har sai an ji ya ce ƙas. Wanda ya ɗora shi kawai ya tura tiren zai ji ƙarar gurza, kuma faifan zai fito da zane mai zagaye, wanda shi ne mafi munin zane.

Ita kuwa ƙarar da matashin ya ji, ta ɗaukar gudu a sassauta a sake ɗauka tare da ƙas-ƙas, ƙarar nema ce. Idon na'urar yana hawa yana sauka don ya daidaita haskensa a kan faifan, yana zuwa farkon layi yana dawowa, bai ga abin da yake nema ba. Na'urar ba ta karye ba, gani ne ba ta yi. Ana kuma jin irin wannan ƙarar a na'urorin waje masu haɗin USB idan wuta ba ta ishe su ba, domin tsohon ramin USB 2.0 miliamfa 500 kawai aka tsara ya bayar, motar juya faifai kuma takan nemi fiye da haka lokacin tashi. A nan maganin shi ne a sauya rami zuwa mai shuɗin ciki, ko a yi amfani da wayar haɗi mai kai biyu. Wannan ne ma dalilin da ya sa haɗa irin wannan na'urar kai tsaye da wayar hannu yawanci ba ya haifar da ɗa mai ido.

Goge idon

Idon na'ura ɗan ƙaramin gilashi ne, bai kai ƙwayar wake ba, yana zaune a kan wasu siraran wayoyi da ke ba shi damar motsi. Layukan da yake karantawa a kan DVD tazararsu ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, don haka ɗan hazo kaɗan a kansa ya isa ya rikita shi. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, amma abin da ya fi ta illa shi ne hayaƙi: na turaren wuta, na maganin sauro, na girki, na sigari. Hayaƙi yana barin wani siririn maiƙo a kan gilashin, ƙura ta zo ta manne, kuma hurawa ba ta cire shi.

A laftof aikin yana da sauƙi, domin da zarar an jawo tiren za a ga idon a fili, yana ɗan sheƙi mai shuɗi. A kashe kwamfutar bayan an fitar da tiren. In tiren ya ƙi fitowa, akwai ɗan ƙaramin rami a fuskarsa da ake tura miƙaƙƙen kilif ɗin takarda a ciki, sai ya buɗe. A samo audugar goge kunne da sifirit ɗin masu gyaran waya, wato aisofurofil mai ƙarfin kashi 90 ko fiye. Ɗigo ɗaya ya isa. Audugar ta yi danshi ne kawai, kada ta jiƙe har ta ɗiga. A shafa gilashin a hankali sau biyu ko uku, ba tare da dannawa ba, domin in siraran wayoyin nan suka lanƙwashe, aikin ya ƙare. A juya busasshen gefen audugar a ɗauke ragowar danshin, a jira minti biyar, sannan a gwada.

Turare, fetur, kananzir da ruwan goge farce ba su da wuri a nan. Idon da yawa na roba ne, ba gilashi na gaske ba, kuma waɗannan abubuwa suna dusashe shi har abada. Su kuma faya-fayan goge ido masu ɗan buroshi a jiki, ƙurar sama-sama kawai suke iya sharewa, maiƙon hayaƙi ya fi ƙarfinsu. A na'urar falo sai an kwance murfi kafin a kai ga idon, to a cire ta daga wuta tukuna, kuma a nisanci allon da wayar wuta ke shiga, domin yana iya riƙe caji ko bayan an zare. Kada kuma a leƙa idon yayin da na'ura ke kunne a buɗe.

Matashin ya goge nasa, audugar ta fito da ɗan launin ƙasa-ƙasa. DVD ɗin kamfanin da ke jinkiri ya buɗe nan take, faifan bikin ma ya bayyana, da folda mai suna VIDEO_TS a ciki. Da a ce gogewa biyu ba ta canja komai ba, ta uku ma ba za ta canja ba. Wannan na nufin ko ƙurar ta shige can ƙarƙashin idon inda auduga ba ta kaiwa, ko kuma fitilar lezar ce ta gaji. Wasu masu gyara suna murɗa wani ɗan sukuru a jikin kan lezar don ƙara mata ƙarfi. Na'urar takan farfaɗo na ɗan lokaci, amma ƙara wa gajiyayyiyar fitila wuta hanzarta mutuwarta yake yi. Idan don a ceto faifai ɗaya ne, ana iya yarda da haka. A matsayin gyara kuwa, sayen wata na'urar waje ta USB ya fi hankali.

Ba duk zane ne ɗaya ba

Faifai ana karanta shi ne daga tsakiya zuwa baki, a kan layi guda da ke nannaɗe kamar faifan kaba. An kuma rubuta bayanan tare da ƙarin lissafi da ke ba na'ura damar cike gurbin abin da ta kasa gani, muddin gurbin bai yi tsawo ba. A DVD wannan gyaran yana iya rufe ɓarnar da ta kai kusan milimita shida a tsawon layi. Zanen da ya tashi daga tsakiya ya nufi baki yana yanka kowane layi ne a ɗan taƙaitaccen wuri, sai na'ura ta cike ta wuce. Zanen da ya bi zagayen faifan kuwa yana kwanciya a kan layi ɗaya na tsawon santimita ɗaya ko biyu, ya shafe fiye da abin da lissafin zai iya maidowa. Shi ya sa wani faifan da ya sha zane kamar allon makaranta yake wasa lafiya, wani kuma mai ɗan zane guda mai lanƙwasa yake tsayawa.

Daga nan ne ƙa'idar goge faifai ta samo asali: daga rami zuwa baki, a miƙe, ba a zagaye ba. Mafi yawan abin da ake ɗauka zane ne ma, sawun yatsa ne da maiƙo. Ruwa mai ɗan ɗumi, ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa, a ɗauraye, a tsane da tsumma mai laushi irin na goge tabarau, a bari ya bushe sarai. Wannan kaɗai yana dawo da faya-fayai da yawa.

Wurin da bayanan suke kwance ma ya bambanta. Kaurin faifai milimita 1.2 ne. A CD bayanan suna can sama, dab da fuskar da ake rubutu a kai, ɗan siririn fenti ne kawai ya rufe su. Zane a bayan CD mai sheƙi roba kawai ya taɓa, amma zane a fuskar rubutu yana kankare bayanan ne gaba ɗaya. In aka ɗaga CD aka haska tocilar waya ta bayansa aka ga haske na ɓullowa ta ƙananan ramuka, abin da ke wurin ya tafi, babu gogewar da za ta dawo da shi. DVD kuwa fale biyu ne aka manne, kowanne milimita 0.6, bayanan suna tsakiya, don haka ya fi jure zanen sama. Rauninsa shi ne in falen biyu suka fara rabuwa daga baki ko daga rami.

Maganar makilin da ake yawan yaɗawa tana da ɗan tushe. Farin man goge baki yana da ɗan gari mai laushi da ke rage kaifin bakin zane mara zurfi, ta yadda haske ba zai warwatse sosai ba. Amma yana barin dubban ƙananan zane a madadin guda ɗaya, kuma ba ya yin komai ga zanen da farce ke maƙalewa a ciki. Ga faifan da babu kwafinsa a duniya, wannan mataki ne na ƙarshe, bayan an riga an kwashe duk abin da zai kwasu. A faifan Blu-ray, irin na wasannin PS4, kada ma a fara: bayanansa milimita 0.1 kawai suke daga fuska, kuma abin da ke kare su wani tauri ne da makilin zai cinye.

In ya buɗe, a kwafa, kada a tsaya kallo

Kuskuren da ya fi ciwo shi ne faifai ya buɗe bayan wahala, mutum ya kira 'yan gida a zauna kallo, washegari ya ƙi buɗewa. A cikin VIDEO_TS bidiyon yana rarrabe ne a fayil-fayil masu ƙarshen .VOB, kowanne bai wuce gigabait ɗaya ba. Na bikin nan guda biyar ne, daga VTS_01_1.VOB zuwa VTS_01_5.VOB. Matashin ya kwafe su ɗaya bayan ɗaya maimakon ya ja foldar duka, kuma wannan dabara ce mai kyau. Na ɗaya, na biyu da na uku suka wuce. Na huɗu ya tsaya a tsakiya, na'ura ta koma ƙas-ƙas ɗinta, daga baya saƙo ya fito: Data error (cyclic redundancy check). Na biyar ya wuce lafiya. Da ya juya faifan a ƙarƙashin haske, sai ga zane mai lanƙwasa, ƙasa da santimita ɗaya daga baki, daidai inda fayil na huɗu zai kasance.

Kwafi na yau da kullum yana yar da fayil duka saboda wuri ɗaya da ya gagara. Akwai manhajojin da aka yi don su tsallake wurin su ci gaba. Wadda masu ceto bayanai suka fi amincewa da ita ita ce ddrescue, kyauta ce, a kan Linux take aiki, kuma mai gyaran kwamfuta da ya san aikinsa zai iya tayar da ita daga filash. Zagayen farko yana kwashe duk wuri mai sauƙi ba tare da naci a kan mai wuya ba:

```
ddrescue -n -b 2048 /dev/sr0 biki.iso biki.map
```

Zagaye na biyu yana komawa kan wuraren da aka tsallake kaɗai:

```
ddrescue -r1 -b 2048 /dev/sr0 biki.iso biki.map
```

Amfanin fayil ɗin biki.map shi ne yana riƙe da lissafin abin da aka samu da abin da ya rage. Ana iya cire faifan, a wanke shi, a sa shi a wata na'ura, a sake ba da umarnin, aikin ya ci gaba daga inda ya tsaya. Na'urori sun bambanta wajen haƙuri da zane, kuma sau da yawa abin da ɗaya ta kasa, wata tana karantawa.

A wannan misalin, bayan na'ura ta biyu, abin da ya rage bai wuce megabait shida ba. Faifai mai gigabait 4.7 da ke ɗauke da bidiyon awa biyu yana cin kusan megabait 0.65 a kowace daƙiƙa, don haka megabait shida daƙiƙa tara ne zuwa goma. Manhajar VLC tana buɗe fayil ɗin biki.iso kai tsaye, hoto ya ɗan farfashe a wurin ya wuce. HandBrake kuma tana mayar da shi MP4 da waya za ta kunna.

Inda ake tsayawa

Tsaga a bakin ramin tsakiya ita ce alamar da ba a jayayya da ita. A gudun dubban zagaye a minti, tsagar tana ƙara tsawo, kuma faifai yana iya tarwatsewa a cikin na'ura ya tafi da idon da tiren gaba ɗaya. Irin wannan faifan, in abin da ke ciki yana da daraja, sau ɗaya ake sa shi, don kwafi kawai, a na'urar laftof ko ta waje da ba ta gudu sosai. In tsagar ta riga ta kai inda launin bayanai ya fara, ko wannan ɗin ma bai kamata ba.

Alama ta biyu ta shafi faya-fayan shunayya. Bayanansu ba a roba aka sassaƙa su ba, wani rini ne leza ta ƙona, kuma rana da zafi suna kashe rinin. Faifan da ya yi watanni a gaban gilashin mota ko a bakin taga yana iya zama babu zane ko ɗaya, amma launinsa ya koɗe, ko ya yi tabo-tabo kamar ruwa ya shiga ciki. Wanki da gogewa fuskar roba kawai suke taɓawa, ɓarnar kuma tana ciki. Sai dai kafin a yanke wa faifai mai tsabta hukunci, a tuna cewa wasu an buga su ne a rikoda ko kyamara ba tare da an rufe bugun ba. Irin waɗannan sukan nuna kamar babu komai a ciki a yawancin na'urori, alhali bidiyon yana nan, kuma manhajar ceto irin IsoBuster takan gan shi.

Alama ta uku lissafi ce. Idan na'urori uku dabam-dabam sun tsaya a wuri ɗaya, kuma adadin da ddrescue ke nunawa a gaban pct rescued ya yi awa biyu bai motsa ba, abin da ya rage ba zai zo ba. Ci gaba da naci zafi kawai yake ƙara wa moto da leza, a ƙarshe a rasa na'urar a kan daƙiƙa goma na bidiyo.

Matashin ya tsaya a nan. Bidiyon ya koma MP4 mai kusan gigabait ɗaya, ya tura wa yayarsa ta wayar caji, ya ajiye kwafi a filash, wani kuma a Google Drive. Daƙiƙu goman da suka ɓace sun faɗo ne a lokacin da ake rabon abinci a wajen kamu. Faifan ya koma cikin kwalinsa, a tsaye, a cikin durowar da rana ba ta kaiwa.